Shagon yana nan, amma lambar wayar ta wane ce?

Yawancin masu sayen kaya ta intanet sun iya duba ƙasan shafi. Da sun ga lambar waya, ga alamar Facebook da Instagram, ga adireshi har da sunan titi, sai hankalinsu ya kwanta. Ni a ganina wannan dubawar ba ta tsare kowa daga komai, domin duk abin da ke kan shafin mutum ɗaya ne ya rubuta shi, kuma shi ne wanda kake son ka tantance. Shaidar da za ka riƙe dole ta fito daga wajen shafin, kuma ta dawo da kai kan lambar da za ka kira da asusun da za ka tura wa kuɗi.

Mu ɗauki misali. Ka ga shafi yana tallar batirin sola da inbata a farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa. Ya ce shagonsu yana Sabon Gari a Kano, ya sa lambar rajista, ya ce a biya rabi kafin a ɗora kaya a mota.

Fara da alamomin soshiyal midiya, don su ne suka fi saurin tona asiri. Kada ka tsaya kallonsu, danna su. A waya, idan ka ɗora yatsa a kan alamar ka daɗe, za ka ga inda za ta kai ka. Shafukan bogi da yawa an ɗauko su ne a shirye, aka canza suna da hotuna, aka bar alamomin yadda suka zo. Sai ka tarar ta Facebook tana kai ka facebook.com kawai, ko ba ta zuwa ko'ina, ko ta faɗa shafin kamfanin da ya tsara fasalin. Ɗan kasuwa na ƙwarai ma yana iya yin wannan sakacin, saboda haka bai isa a kira shi ɓarawo ba. Abin da za ka ce dai shi ne shaida ɗaya ta faɗi.

Idan alamar ta kai ka shafi na gaske, yawan mabiya ba abin dubawa ba ne, sayensu ake yi. Shuɗin maki ma tun 2023 ana iya samunsa a Facebook da Instagram ta hanyar biyan kuɗin wata. Nemi wurin da aka rubuta Page transparency a Facebook. Can za ka ga ranar da aka buɗe shafin da sunayen da ya taɓa amsawa. A Instagram kuma About this account ne, yana nuna watan da aka buɗe da ƙasar da ake gudanar da shi. Shafin da ya shekara shida yana yaɗa barkwanci, wata biyu da suka wuce ya koma kamfanin sola, to mai yiwuwa sayensa aka yi ko sace shi aka yi. Gangara can ƙasa ka duba tsofaffin hotuna da irin maganar da mutane ke yi a ƙarƙashinsu. Sannan ka duba ko shi shafin na Facebook ya ambaci wannan adireshin intanet ɗin da wannan lambar. Wannan ne mutane suka fi mantawa. Kowa zai iya sa mahaɗin shafin babban kamfani a nasa shafin. Ai ba izini ake nema ba. Sai kamfanin ya nuno shafin daga nasa ɓangaren sannan alaƙar ta tabbata.

Rajista kuwa, Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC tana da wurin bincike kyauta a shafinta. Sa sunan ko lambar, wadda ke farawa da RC ga kamfani, ko BN ga sunan kasuwanci. Gwada sunan da ya fito da na shafin harafi da harafi, ka duba ranar rajista. Idan ka ga INACTIVE, galibi rashin miƙa bayanan shekara ne, ba hukuncin damfara ba. ACTIVE ɗin ma kamfanin ta wanke, ba mai shafin ba, tunda lambar a fili take, kowa zai iya kwafa. Ƙara da duba shekarun shafin intanet ɗin a lookup.icann.org, in sunansa ya ƙare da .com ne. Wanda ya ce ya shekara goma yana sana'a amma an yi wa shafinsa rajista makonni uku da suka wuce yana da bayanin da zai yi.

Yanzu ga wurin da aka fi cutar masu hankali. Ka sa adireshin a taswirar Google, ga shago ya fito, ga hoton allo, ga batura a jere. Komai gaskiya ne, shagon yana nan, mai shi mutumin kirki ne. Sai dai bai san da wannan shafin ba. An ari sunansa da adireshinsa da hotunansa, an canza abu biyu kacal, lambar waya da lambar asusu. Ko lambar da ke jikin taswirar ba a dogara da ita ɗari bisa ɗari, domin jama'a na iya ba da shawarar gyara bayanan wuri, kuma 'yan damfara sun san haka. Abin da ya fi shi ne ka buɗe hotunan da abokan ciniki suka ɗora, musamman tsofaffi, ka ƙara girman allon shagon ka karanta lambar da aka rubuta da fenti. In ta saɓa da ta shafin, kira ta allon ka tambaya.

Kiran lambar shafin kansa ba ya tabbatar da komai, don wanda ya sa ta zai ɗauka da fara'a. Truecaller sunan da mutane suka ajiye a wayoyinsu yake tattarowa, mai lambar ma yana iya sa sunan da yake so. Idan ya nuna gargaɗi ka ɗauka da muhimmanci, idan ya nuna sunan kamfani kada ka ɗauke shi hujja. WhatsApp Business kuwa kowa na iya saukewa ya sa tambari. Abin da ya fi amfani shi ne ka kwafi lambar ka neme ta a Google da Facebook, da sifili a gaba, sannan da +234. Lamba ɗaya da ke sayar da batir a Kano, ɗan kare a Legas, da gidan haya a Abuja ta gama ba ka amsa.

Kuɗin da ya kai dubu ɗaruruwa ya cancanci kuɗin adaidaita sahu. Tura ɗan'uwa ko aboki ya je shagon, ya tsaya a ciki, kai kuma ka kira lambar a daidai lokacin. Wayar wa ta yi ƙara? In ba ta yi ƙara a shagon ba, ya nuna wa mai shagon lambar da sunan asusun ya tambaye shi ko nasa ne. In ba ka da kowa a garin, nemi kiran bidiyo kai tsaye, ba bidiyon da aka turo ba. Ka ce ya fita waje ya nuna allon da shagunan maƙwabta, ya dawo ciki ya ɗaga kayan da kake so. Mai shago na gaske minti biyu ya ishe shi. Na bogi zai ce sabis ba kyau, ko yana sito, ko yaronsa ne a shagon.

Kafin ka danna tura kuɗi, karanta sunan da banki ya nuna. Kamfani mai RC ya kamata asusunsa ya ɗauki sunan kamfanin. Gaskiya ne 'yan kasuwarmu da yawa asusun kansu suke amfani da shi, ban ce duk mai yin haka macuci ba ne. Amma a nan sai wanda ka tura ya ji sunan daga bakin mai shagon. Idan kuma ana cikin ciniki aka ce asusun kamfani ya samu matsala, tura wa na akanta, dakata har sai mai shagon ya tabbatar maka ta lambar da ke jikin allonsa.