Injin da Ya Raba wa Manoma Takin da Ba Su Gani Ba

An ba ni aikin mayar da wata hirar rediyo zuwa rubutu, inda ɗan jarida a ɗakin watsa shiri yake tattaunawa ta waya da wani manomi kan tsadar taki. Muryar ɗan jaridar tana fita tsaf, shi kuwa manomin, da alama ya zaɓi ya tsaya ne tsakanin janareta da wani zakara mai tsananin son a ji ra'ayinsa. Na ɗora faifan a manhajar da ke mayar da magana rubutu, na gyara zama ina jiran a yi mini aikin da aka biya ni in yi.

Abin da ya fito ya nuna cewa manomin ya shafe hirar yana kukan an "kara kudin daki", har na soma zargin an aiko mini da hirar mai masauki ne. Taki ne ya koma ɗaki, kuma ko ɗakin ma bai samu lanƙwasarsa ba. Laifin ba na zakara ba ne shi kaɗai. Layin waya na gargajiya yana ɗaukar sauti ne daga kimanin hartiz 300 zuwa 3,400 a ma'aunin kaifin sauti, don haka yana daddatse saman baƙaƙe irin su s da f, sauran kuma hayaniya ta ƙarasa dagula su. Haruffa masu lanƙwasa kuwa, manhajar ta koyi Hausa ne daga rubuce-rubucen da yawancinsu ba su damu da ƙ, ɗ da ɓ ba, ita ma sai ta bi sahu.

Na buɗe faifan a Audacity, wata manhajar gyaran sauti, na zaɓi wani ɗan gurbi da babu mai magana sai gurnanin janareta, na shiga Noise Reduction na danna Get Noise Profile, sannan na zaɓi dukan faifan na rage ƙarar. Wannan dabara tana cin ƙarar da ba ta sauyawa ne kawai, shi ya sa janareta ya lafa, zakara kuwa ko gezau. Da na matsa ragewar sosai, sai manomin ya koma kamar mai magana daga ƙarƙashin ruwa, manhajar rubutun kuma ta ƙara rikicewa, dole na sassauta na haƙura da ɗan gurnani.

Shirmen da ke bayyane bai dame ni ba, domin ido yana kama shi nan take. A inda aka sa kiɗan tsakiyar shiri, manhajar ta rubuta "mun gode" a jere har ya cika sakin layi guda, alhali babu wanda ya yi godiya. Wanda ya tayar mini da hankali shi ne wata jimla lafiyayyiya da babu abin da za a zarge ta da shi: "Mun samu taki a kan lokaci." Na yi mamakin mutumin da ya samu taki a kan lokaci amma yake magana da huci, sai na mayar da faifan baya, na rage gudunsa zuwa kashi 75 cikin ɗari, na danne abin saurare a kunne. Ashe cewa ya yi, "Ba mu samu taki a kan lokaci ba." Zakara ya yi cara daidai kan "ba" ta farko, ɗan jaridar ya yi gyaran murya a kan ta ƙarshe, manhajar kuma ta ɗinke abin da ya rage ya zama jimla mai kyan gani. Ƙananan gaɓoɓi biyu ne suka faɗi, amma sun mayar da mai ƙorafi mai yabo. Tun daga nan duk jimlar da ta yi daɗin karantawa fiye da yadda faifan ya cancanta, sai na sake sauraronta, musamman inda ake musu ko ake ambaton adadi, domin talatin da tamanin ma sun yi ta musayar wuri.

Da na zo mayar da lanƙwasa, wani abokin aikina ya ce in umarci kwamfuta ta sauya kowace "kasa" zuwa "ƙasa" a bugu ɗaya in huta. Na nuna masa layin da manomin ya ce mutanensa sun kasa biyan kuɗin buhu, na tambaye shi yadda za a karanta shi bayan gyaran nasa. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina duba ma'anar kowace a jimlarta.

Akwai wuri guda da ya gagare ni ko da na rage gudu, inda babur ya wuce da ƙaho a daidai lokacin da manomin yake faɗin yawan buhunan da suke bukata. Manhajar ta rubuta adadi cikin cikakkiyar natsuwa, ni kuwa na goge shi na sa [ba a ji ba, 14:32]. Editan ya kira ni yana tambayar dalilin da na bar rami a rubutu, na ce ya saurari wurin da kansa. Bayan ɗan lokaci ya sake kira, ya ce shi dai abin da ya ji shi ne babur ɗin yana bukatar bakanike.