Masu bulog, ku tausaya wa mai ƙaramar waya

Wallahi abin nan ya daɗe yana ci min rai. Mu masu bulog sai mutum ya ɗauki hoto da wayarsa ya ɗora yadda yake, shi yana cikin gari inda sabis ke da ƙarfi, ya manta mai karanta shi yana ƙauye irin namu nan bayan Ringim, sai ya je bakin titi kafin sanda biyu ta fito.

Ni ma na yi. Ranar kasuwa na ɗora hoton buhunan gero a saman rubutuna na farashin hatsi, hoton megabait 4 ne. Ƙanina ya buɗe a gabana, sai farin allo kawai. To ku lissafa, idan sabis yana jan megabit 2 a sakan, hoton nan kaɗai sakan 16 zai ci, tunda megabait ɗaya megabit 8 ne. Shi kuwa Google, awon da yake kira LCP, wato lokacin da abu mafi girma a fuskar shafi ke ɗauka kafin ya bayyana, sakan 2.5 yake so, in ya wuce 4 ya faɗi. Na rage faɗin hoton zuwa fiksel 1200, na mai da shi WebP, ya dawo kilobait 120, wajen rabin sakan ke nan a wannan sabis ɗin. Kuma babu wanda ya ce geron ya canza kama.

Amma wanda ya fi ƙona min rai shi ne tsallen shafi, CLS, da ake so kar ya wuce 0.1. Kana tsakiyar karatu sai hoto ko talla ya faɗo ya tura rubutun ƙasa, ka kai yatsa za ka danna wani abu sai ka danna talla, data ta tafi a banza, datar da mutum ya sayar da ƙwai ya saka! Dalilin kawai ba a gaya wa burauza girman hoton ba ne, shi ya sa ba ta ware masa fili. Ga maganin:

```
<img src="gero.webp" width="1200" height="800">
```

Talla ma ka ware masa tsayinsa tun farko.

Awon Google na uku INP ne, ya maye gurbin tsohon awon FID a Maris 2024, yana auna jinkiri tsakanin dannawarka da amsar shafi, milisakan 200 ake so. Tarkacen fulogin da tallace-tallace ne ke shaƙe ƙananan wayoyi, cire wanda ba ka amfani da shi.

Ka sa adireshinka a PageSpeed Insights, shafin Google mai auna saurin shafuka, ka duba ɓangaren waya ba na kwamfuta ba. Kuma in ka gyara yau kar ka damu don alkaluman da ke saman sakamakon ba su motsa gobe ba, na kwana 28 ne ake tattarawa daga masu shiga na gaske, sai tsofaffin kwanakin sun fice tukuna.