"Ai Turnitin bai kama komai ba" ba hujja ba ce

Na daɗe da wannan magana a raina, yau dai zan faɗe ta. Akwai abin da na ji daga bakin ɗalibai fiye da sau goma a zaman kwamitin ladabtarwa, kuma duk lokacin da na ji shi sai zuciyata ta yi nauyi, domin mai faɗa ya yarda da shi har cikin ransa. Cewa yake: "Malam, ban kwafi aikin kowa ba. Sabo aka rubuta mini, Turnitin ma kashi huɗu ya nuna." Turnitin dai manhaja ce da jami'o'i ke amfani da ita don gano rubutun da aka kwafo.

Wannan ita ce ƙaryar da kamfanonin rubuta wa ɗalibai aiki suke sayarwa. A tallarsu za ka ga sun ce aikinsu sabo ne fil, babu satar fasaha a ciki. Sau da yawa ma gaskiya suke faɗa, sabon ne. Sai dai laifin da ake tuhumar ɗalibi da shi daban ne. Lokacin da malami ya ba ka jinga ko furojet, ba ya fama da ƙarancin takardun karantawa. So yake ya auna abin da ke kanka, makin da zai bayar kuma shaida ce da ya sa hannu a kai cewa wane ya iya kaza. Idan wani ya rubuta ka liƙa sunanka, ka sa malami ya yi shaidar zur bai sani ba. Bambancinsa da tura wani ya shiga ɗakin jarrabawa a madadinka shi ne kawai wannan sojan gonar a gida ya zauna.

Wasu kan ce ai manyan mutane ma rubuta musu jawabi ake yi, har littafin tarihin rayuwa. Haka ne, kuma ban ga aibinsa ba. Mai sauraron jawabin shugaba ya san akwai masu rubutawa, kuma ba wanda zai ba shugaban takardar shaidar iya rubutu saboda jawabin. Ɗalibi kuwa ya sa hannu a shafin farko cewa aikin nasa ne. Neman wanda zai duba maka kuskuren rubutu ma yawancin jami'o'i sun yarda da shi, muddin bai taɓa hujja da tsarin tunani ba. Da zarar ya sauya maka hujja ko ya ƙara sakin layi nasa, an haura iyaka.

Thomas Lancaster da Robert Clarke, malaman kwamfuta biyu a Birmingham, su suka fara ba wannan nau'in maguɗi sunansa, wato "contract cheating", a 2006, bayan sun ga ɗalibai na yin gwanjon aikinsu a intanet. A 2018 Philip Newton na Jami'ar Swansea ya tattara binciken da aka yi a baya, ya ga cewa daga 2014 zuwa lokacin kusan kashi 15.7 cikin ɗari na ɗaliban da aka tambaya sun amsa da bakinsu cewa sun taɓa biya a yi musu. Waɗanda suka amsa ke nan.

To yaya ake ganewa tunda manhaja ba ta kama ba? Turnitin kwatanta rubutu yake da wanda ke rumbunsa, bai san wa ya riƙe alƙalami ba. Malami ne ke ganewa. Ɗauki ɗalibin da ya yi zango biyu yana rubuta jimloli gajeru, yana tuntuɓe da nahawu, makinsa bai wuce hamsin da ɗoriya ba. Kwatsam sai ya kawo aiki mai shafi goma sha biyar sumul, kamar na mai digiri na uku. Malam ya duba manazarta: guda ashirin, amma babu ko ɗaya daga cikin littattafan da aka karanta a aji, biyu kuma ya neme su ya rasa, ko ya samu mujallar amma shafin da aka ambata maganar wani abu yake. Aikin ya yi ta kewaye batun bai amsa ainihin tambayar ba, domin marubucin haya bai zauna a ajin ba. Sai malam ya buɗe bayanan fayil ɗin a Word, ya ga wurin Author da Last Modified By ɗauke da sunan da ba na ɗalibin ba, Total Editing Time kuma minti uku.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya isa shi kaɗai. Mutum na iya aron kwamfutar ɗan'uwansa, yana iya dagewa ya inganta. Shi ya sa ake kiran ɗalibin a zauna da shi, kuma a nan ne asiri ke tonuwa. Tambayoyin ba masu wuya ba ne ga wanda ya yi aikinsa. Me kake nufi da wannan kalma a shafi na shida? A ina ka samo wannan maƙala? Me ya sa ka zaɓi wannan hanyar bincike ka bar waccan? Ina daftarinka na farko? Wanda ya rubuta da kansa, ko da tsoro ya sa muryarsa na rawa, zai tuna inda ya sha wuya. Wanda ya saya sai ya yi ta kallon takardar kamar yau ya fara ganinta. Kada a manta kuma, kwamiti ba kotun laifi ba ne. A yawancin jami'o'i ba a buƙatar rasit ko iƙirari, rinjayen hujja ya wadatar, wato a gamsu cewa zaton ya saya ya fi zaton bai saya ba ƙarfi.

Hukuncin ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma tsaninsa kusan ɗaya ne. Mafi sauƙi shi ne sifili a aikin. Sama da shi faɗuwa kwas ɗin gaba ɗaya, wani lokaci ba tare da damar sakewa ba, sai dakatarwa na zango ko shekara, sai kora. Abin da ɗalibai ba su sani ba shi ne sayen aiki ba ya farawa daga ƙasan tsanin kamar yadda kuskuren rashin ambaton manazarta kan fara. Rashin ambato zai iya zama jahilci. Neman kamfani, aika masa tambaya da biyan kuɗi kuwa niyya ce, don haka ko karon farko ne ana iya korar mutum. Kammala karatu ma ba ya rufe maganar. A 2014 jaridu a Sydney suka tona asirin kamfanin MyMaster, aka kori wasu ɗalibai, aka dakatar da wasu, wasu kuma da suka riga suka karɓi digiri aka soke shi. Ga mai karatun lauya, likita ko jinya, irin wannan tabo kan bi shi har gaban hukumar da ke ba da lasisin aiki.

Ƙasashe ma sun shigo. New Zealand ta haramta sana'ar tun 2011, Ireland a 2019, Ostireliya a 2020 da hukuncin da zai kai ɗaurin shekara biyu, Ingila a 2022. Waɗannan dokoki masu sayarwa da masu talla suke nufi, ɗalibin kuma an bar shi da jami'arsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na bayan ciniki. Ɗalibi ya miƙa wa baƙo sunansa, sunan makarantarsa, lambar kwas, wani ma har kalmar sirrin shiga shafin jami'a. Wanda ya yarda ya taimake ka ka yaudari malaminka, me zai hana shi juyowa kanka? Bayan wata uku sai saƙo ya zo: ƙaro kuɗi ko mu aika wa shugaban sashenku. In ka biya sau ɗaya sun san za ka sake. Wasu na biya har bayan sun fara aiki, domin shaidar ba ta ruɓewa. Duk ɗalibin da ya tsinci kansa a wannan hali, shawarata ya daina biya, ya adana saƙonnin, ya je wurin mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu ya faɗi gaskiya da kansa. Hukunci zai iya biyowa, amma kwamitoci da yawa suna sassauta wa wanda ya kawo kansa fiye da wanda aka kamo.