Afuwan ɗin da babu farashi a cikinsa ba gyara ba ne

Ni tela ce a Tudun Wada, nan Kaduna, kuma yau kwana tara ke nan raina yana ƙuna kan abin da wani shagon sayar da kekunan ɗinki ya yi mini. Kuskuren farashin ma da sauƙi a wurina, don ɗan Adam ajizi ne. Yadda suka ba da haƙurin ne ya fi ci mini rai.

Ranar wata Litinin suka saka talla: hoton keken ɗinki cikakke, da teburinsa da ƙafarsa, an rubuta naira 95,000 da manyan lambobi a jikin hoton. Daidai lokacin na kwashi adashena, ga 'yata ta gama koyon ɗinki tana jiran nata keken. Na kira su, yaron shago ya ce: "Hajiya, saura uku, ki tura kafin alƙalami a ajiye miki." Nan take na tura 50,000. Ranar Laraba na ɗauki drop ɗin Keke Napep har shagon saboda kayan da zan ɗauko, sai mai shagon ya ce wai 95,000 kuɗin kan keken ne kawai, da tebur da ƙafa 140,000 ne. Na ce: "Alhaji, a ina aka rubuta haka?" Ya ce ai sun ba da haƙuri tun jiya, ni ce ban gani ba.

Ya buɗe waya ya nuna mini. Layi biyu ne a status ɗin WhatsApp: "Afuwan, an ɗan samu kuskure a tallarmu. A tuntuɓe mu domin sabon farashi." Shi ke nan fa! Wace talla? Wane kaya? Nawa aka rubuta, nawa ne daidai? Ko ɗaya babu. Kuma kowa ya san status awa 24 yake yi ya ɓace, alhali hoton mai 95,000 yana nan daram a shafinsu na Instagram, mutane suna ta turawa juna. Da na yi magana sai yaron ya ce sun gyara rubutun ƙasan hoton. To, rubutun ƙasa ana gyara shi, amma lambar da ke jikin hoto ba ta gyaruwa sai an cire hoton gaba ɗaya, kuma hoton ido yake fara gani. Wanda aka tura wa hoton shi kaɗai fa, ina zai ga gyaran?

Ni ma ina tallar ɗinkina, na san abin da ya kamata a rubuta, kuma bai fi minti biyar ba. A ce: a tallarmu ta Litinin mun rubuta 95,000 a kan keke mai tebur, kuskurenmu ne, wannan kuɗin kan keke ne kawai, cikakken keke 140,000 ne. Sannan a faɗi makomar waɗanda suka riga suka tura kuɗi, ko a ba su a farashin farko, ko a mayar musu da kuɗinsu cif a ranar. A saka shi duk inda aka saka tallar farko, da lambobi masu girma irin na farko, a kuma kira duk wanda ya ba da kafin alƙalami. Lambata tana wayarsu, shaidar tura kuɗina tana wayarsu, amma aka bar ni na kashe kuɗin mota na bar ɗinkin mutane.

Wannan "a tuntuɓe mu" ɗin ba a banza ake rubuta shi ba. Farashi mai rahusa yana ci gaba da jawo mutane, idan mutum ya zo an riga an riƙe kuɗinsa, sai kunya ko gajiya ta sa ya cika. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar gwamnatin tarayya mai sauraron koken masu saye, wato FCCPC, ke aiki da ita, ta hana a karɓi kuɗin da ya wuce farashin da aka nuna wa mai saye. Ko babu doka ma, ciniki ai a kan yarda ake ƙulla shi, ni kuwa da abin da na gani a hoto na yarda.

Na nemi kuɗina, ya ce in dawo mako mai zuwa sai an yi ciniki. Na koma sau biyu, har yanzu naira 50,000 ɗina tana hannunsu, 'yata kuma tana zaune babu keke. Na ajiye hoton tallar da ranarta, da shaidar banki, da hoton status ɗin da yaron ya yarda na ɗauka. Na ba su zuwa Juma'a. In ban ga kuɗina ba, wurin shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar zan fara zuwa, daga nan sai hukumar.