Dalilin da ya sa zinare ya tashi daga dala 35 zuwa dala 850 cikin shekara tara

Duk lokacin da aka ɗauko zancen tashin farashin zinare a shekarun 1970, amsar da aka fi bayarwa ita ce Shugaba Nixon na Amurka ya raba dala da zinare, wato ya dakatar da ba ƙasashe zinare a madadin dalolinsu, a ranar 15 ga Agusta 1971, sai farashi ya tashi. Wannan gaskiya ne, amma bai isa bayani ba, domin raba su ya buɗe wa farashi ƙofa ne kawai. A ganina, abin da ya tura shi sama shi ne yadda hukumomin Amurka suka bar ajiyar dala ta zama hasara shekara bayan shekara, kuma tarihin farashin kansa ya nuna haka.

Tun 1934 gwamnatin Amurka ta tsayar da farashin oza ɗaya, wato kimanin giram 31, a kan dala 35, kuma yarjejeniyar Bretton Woods ta 1944 ta ɗora tsarin kuɗin duniya a kan wannan adadi. Tsakanin 1934 da 1971 farashin kayan masarufi a Amurka ya ninka kusan sau uku, amma zinare yana nan a dala 35 kamar an dasa shi. Da an bar shi ya bi sauran kaya, da ya kai wajen dala 105 tun kafin Nixon ya yi magana. An yi ta ƙoƙarin danne shi. Daga 1961 Babban Bankin Amurka da takwarorinsa na wasu ƙasashen Turai suka haɗa zinarensu suna sayarwa a kasuwar Landan don kada ya wuce farashin hukuma, har abin ya gagare su a watan Maris 1968. A daidai wannan lokaci daloli suna ta kwarara waje saboda yaƙin Biyetnam da sauran kashe-kashen kuɗi, ƙasashe irin su Faransa kuma suna kawo dalolinsu suna karɓar zinare, har taskar Amurka ta ragu da fiye da rabi daga kimanin tan 20,000 da take da shi a shekarun 1950. Saboda haka tashin farko, daga 35 zuwa wajen 100, biyan tsohon bashi ne. Ko gwamnatin kanta ta ɗaga farashin hukuma zuwa dala 38 a Disamba 1971, sannan dala 42.22 a 1973, sai dai kasuwa ta riga ta yi mata nisa.

Abin da ya kai shi gaba da nan shi ne dangantakar kuɗin ruwa da hauhawar farashi. Zinare ba ya haihuwa. Wanda ya ajiye oza ɗaya a akwati, bayan shekara goma oza ɗaya zai tarar, har ma ya biya kuɗin tsaro. Don haka idan ajiyar banki tana ba da ribar da ta zarce hauhawar farashi, mai zinare yana tafka asara ne a kowace shekara. A 1974 lamarin ya juye. Hauhawar farashi a Amurka ta kai kimanin kashi 11 cikin ɗari, alhali doka ta ƙayyade ruwan da banki zai ba mai ajiya ta yau da kullum a wajen kashi 5. Mu ɗauki mutumin da ya ajiye dala 1,000 a farkon shekara. A ƙarshenta yana da dala 1,050, amma kayan da dala 1,000 take saya a da sun koma dala 1,110. A takarda ya ci riba, a kasuwa ya yi gibin dala 60. Mutum irin wannan ba shi da abin da zai rasa idan ya mayar da kuɗinsa zinare, kuma masu irin wannan lissafi suna da yawa, daga talakan mai ajiya har zuwa ƙasashen da suka tara daloli.

Man fetur ya ƙara wa wutar itace. Bayan takunkumin da ƙasashen Larabawa suka sa a Oktoba 1973, gangar ɗanyen mai ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12. Sai dai ban yarda da masu ɗora wa mai dukan laifin ba, domin hauhawar farashi ta riga ta kunno kai kafin takunkumin, kuma Babban Bankin Amurka a ƙarƙashin Arthur Burns ya sassauta sha'anin kuɗi a lokacin da ya kamata ya tsuke. A ɓangaren samarwa kuma, Afirka ta Kudu, wadda a lokacin ita ce babbar mai haƙo zinare, ta kai ƙololuwarta ta kimanin tan 1,000 a 1970, daga nan ta sauko zuwa wajen tan 700 a tsakiyar shekarun. Abin mamaki, tsadar ce da kanta ta taimaka wajen wannan raguwa, domin ta sa kamfanoni suka koma haƙar duwatsu masu ƙarancin zinare waɗanda a da ba sa biyan wahala.

Akwai wani yanki na labarin da masu sha'awar zinare ba sa son tunawa. A ƙarshen 1974 farashin ya kusa dala 200, saboda ana tsammanin Amurkawa za su yi rububin saye da zarar an ɗage haramcin mallakar zinare da ke kansu tun 1933. An ɗage shi a ranar 31 ga Disamba 1974, amma rububin bai zo ba. Hauhawar farashi ta lafa zuwa ƙasa da kashi 6 a 1976, Baitulmalin Amurka da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka fara gwanjon zinarensu, kuma a watan Agusta 1976 oza ta dawo wajen dala 105. Wanda ya saya a ƙarshen 1974 ya rasa kusan rabin kuɗinsa, alhali dala tana nan a rabe da zinare. Da rabuwar ce kaɗai dalili, da wannan faɗuwa ba ta auku ba.

Daga 1977 hauhawar farashi ta sake tasowa, dala ta yi rauni a gaban kuɗin Jamus da na Japan, kuma juyin juya halin Iran na 1979 ya sake ninka farashin mai. Sai abubuwa suka zo a jere: kame ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka a Tehran a ranar 4 ga Nuwamba 1979, daskarar da kadarorin Iran da Amurka ta yi kwana goma bayan haka, da shigar sojojin Tarayyar Sobiyat Afganistan a ƙarshen Disamba. Daskarar da kadarorin nan na da nauyi fiye da yadda ake ba shi, domin ya nuna wa duk mai dalolin mai cewa kuɗin da ke bankin wani ana iya rufe shi da sa hannu ɗaya. A ranar 21 ga Janairu 1980 oza ta kai dala 850 a Landan. Idan aka bi tashin kayan masarufi tun 1934, dala 35 ta wancan lokaci ta yi daidai da wajen dala 200 ne a farkon 1980, don haka abin da ya haura wannan adadi tsoro ne da cacar 'yan kasuwa masu saye don kawai farashi yana hawa.

Yadda abin ya ƙare shi ne hujjata mafi ƙarfi. Paul Volcker ya karɓi ragamar Babban Bankin Amurka a Agusta 1979, ya tsuke kuɗi har ruwa ya kai wajen kashi 20 cikin ɗari a 1980 da 1981. Ba a mayar da dala kan zinare ba, sojojin Sobiyat kuma ba su bar Afganistan ba, amma da ajiyar dala ta koma ba da ribar da ta zarce hauhawar farashi, sai a tsakiyar 1982 oza ta sauko wajen dala 300.