A daina canki-canki, a ƙirga maƙaryatan

Jama'a, akwai wani wasan ƙwaƙwalwa da ke yawo a wayoyinmu, kuma yadda ake amsa shi yana damuna. Ana turo shi sai ka ga kowa ya nuna mutum ɗaya ya ce shi ne mai gaskiya, ba hujja ba dalili. Alhali abin yana da hanya miƙaƙƙiya wadda ɗan sakandare zai iya bi.

Ga irinsa. Mutum biyar ne a majalisa, kowannensu ko dai gaskiya yake faɗa kullum, ko ƙarya kullum. Aka tambayi kowa: cikin sauran huɗun nan, nawa ne maƙaryata? Tela ya ce 1. Mahauci ya ce 3. Maƙeri ya ce 3. Direba ya ce 4. Manomi ya ce 1.

In ka ce za ka bi su ɗaya bayan ɗaya, wane mai gaskiya wane maƙaryaci, hanyoyi 32 ne a gabanka. Amma yawan maƙaryatan ba zai wuce abu shida ba: daga sifili zuwa 5. Shi ya sa nake cewa a bar mutanen tukuna, a kama adadin.

Kafin a fara gwaji, akwai abu ɗaya da ya kamata ya zauna a kai. Mai gaskiya in ya duba sauran, duk maƙaryatan zai gani, don ba ya cikinsu. Shi kuwa maƙaryaci, abin da zai gani ya gaza jimillar da ɗaya, tunda ba ya ƙirga kansa. To ka ga in maƙaryata 3 ne, dole mai gaskiya ya ce 3, maƙaryaci kuma yana iya faɗar komai ban da 2, domin 2 ita ce gaskiyar abin da yake gani.

Sifili bai yiwu ba, da kowa sifili zai ce. In maƙaryaci ɗaya ne, ana bukatar masu gaskiya huɗu su ce 1, biyu kawai suka faɗa. In biyu ne, ana neman mutum uku da suka ce 2, babu ko ɗaya.

In uku ne fa? Masu gaskiya biyu ake nema da suka ce 3, ga mahauci ga maƙeri. Amma kada a yi saurin tafi, sai an duba ragowar. Tela in ya waiwaya, maƙaryata biyu zai gani, direba da manomi, amma ya ce 1: ƙarya ce, ta zauna daidai. Haka manomi. Direba ma biyu yake gani, ya ce 4. Komai ya tafi daidai.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke zamewa, wato huɗu. A ido kamar ya yi: mai gaskiya ɗaya ake nema wanda ya ce 4, ga kuma direba. Sai dai in haka ne, mahauci maƙaryaci ke nan. To wa yake gani? Tela, maƙeri da manomi, uku cif. Ya kuwa ce 3, ka ga maƙaryaci ya faɗi gaskiya, lissafi ya rushe. Biyar ma haka ta faɗi: in duk maƙaryata ne, kowa huɗu yake gani, maganar direba ta zama gaskiya. Amsa dai ɗaya ce: maƙaryata 3, mahauci da maƙeri ne masu gaskiya.

Ni a ganina wanda ya tsaya a uku bai gama aiki ba, ko da ya dace da amsar. Sai ya ture huɗu da biyar sannan zai iya bugun ƙirji ya ce babu wata.

Ina kuma da ƙorafi a kan masu tura waɗannan wasanni suna sauya lafazi son ransu. Da tambayar ta ce "cikinku ku biyar", kowa ya haɗa da kansa, da uku ta yi, huɗu ta yi, biyar ma ta yi tunda ba wanda ya ce 5. Amsa uku ke nan ga tambaya ɗaya, sai a kwana ana musu kowa da gaskiyarsa.

Hanyar ma tana da iyakarta. A ce manomi 3 ya ce maimakon 1. Adadin yana nan a 3, tela da direba maƙaryata ne ba tantama, amma na ukun yana cikin mutum ukun da suka ce 3, kuma babu abin da zai raba su. A nan amsar da ta dace ita ce a faɗi adadin, a ambaci biyun da suka tabbata, a ce na ukun sai an ƙaro bayani.