Tela ya kifa mini tsuntsaye ƙasa

Wallahi tun shekaranjiya raina yake ɓace, kuma sai na faɗa ko na huce. Atamfa ce na sayo a Babbar Kasuwar Yamai don bukin ƙanwata, Holan mai manyan tsuntsaye, bayansu ratsin baƙi da ruwan goro a kwance. Turmi guda, yadi 6, na ƙara da yadi 2 daga wajen wata 'yar'uwata da ta sayi irinta. Ba don kuɗi sun yi mini yawa na ƙara ba. Na san abin da zanen yake buƙata.

Da na je shagon telan ban ce masa "a yi mini mai kyau" na juya ba, kamar yadda wasu ke yi. Shimfiɗa atamfar na yi a kan teburinsa. Na nuna masa cewa tsuntsun yana da sama yana da ƙasa, to kowane ƙyalle da za a yanka, kan tsuntsu ya dubi sama. Na karɓi tef ɗinsa na auna daga kan wannan tsuntsu zuwa kan na gaba, santimita 60. Na ce masa: "Malam, siket ɗina tsawonsa 105 ne, amma kar ka yanka 105 ka ɗora na gaba nan take. Ka bar shi ya kai 120, tsuntsu biyu cif, don kowane yanki ya soma daga wuri ɗaya, ratsin ya haɗu a ɗinki." Siket mai yanki shida ne, biyu ke fita a faɗin zanen, tsawo uku ke nan, mita 3 da santimita 60. Sauran ya ishi riga da kallabi har da rara. Na ƙara da cewa tsuntsu guda ya zauna a tsakiyar gaban riga, kar a ɗora mini shi a kan nono, kar kuma zif ya raba shi biyu a baya.

Ya ce: "Hajiya, kar ki damu, shekara nawa muna wannan aiki."

Na dawo ranar karɓa. Yanki uku tsuntsayen na tashi sama, uku sun kifa kai ƙasa kamar an harbo su. Na gane abin da ya yi tun kafin ya buɗe baki. Yankin siket ƙasansa ya fi samansa faɗi, sai ya jera su kai da ƙafa, wannan a tsaye wancan a juye, don su shige cikin juna ya rage zane. A yadi marar ado dabara ce mai kyau. A atamfa mai fuska ɓarna ce. To ina ragowar da ya rage ɗin? Ƙyalle ya miƙo mini da ko goyon yaro ba zai yi ba.

Ratsin kuwa, nan ne abin ya fi ƙona mini rai. A ɗinkin gefe na dama ya kauce da kusan yatsa biyu, na hagu ya fi haka. Ninke zanen ya yi ya sa almakashi gaba ɗaya, bai duba ko ratsin na ƙasa ya hau kan na sama ba. Mai ratsi da mai gida-gida ɗai-ɗai ake yanka su, a kifa na farko a kan zanen, a daidaita layi da layi, sannan a fitar da ɗan'uwansa. Kwata-kwata aikin minti kaɗan ne. Yanzu in na tsaya gaban madubi, ƙuguna guda ya fi guda tsawo, alhali lafiyata lau.

Rigar ma bai bar ta ba. Wurin tsuke ƙirji ya bi ta tsakiyar fiffiken tsuntsu ya cinye rabinsa, maimakon ya kai ɗinkin gefe inda ba ado. Hannu guda kuma a karkace ya yanka shi, bai bi tsawon zaren ba, wato bai jera da bakin zane inda rubutu yake ba. Ja ɗaya na yi masa ya miƙe kamar roba, ratsin ya lanƙwashe. Wanki biyu, wannan hannun zai murɗe.

Da na yi magana, wai wuta aka yi ta ɗaukewa, yaronsa ne ya yanka da dare. Ɗauke wuta keke yake tsayarwa, Malam, ba ya juya tsuntsu. Sai ya ce: "Ai Hajiya in kin saka ba mai lura." Ni? A gidan buki, cikin matan Yamai?

Ɗinki ana farke shi, amma abin da almakashi ya ci ya ciwu. Na biya shi rabin kuɗinsa, yana ta gunaguni, na kwaso kayana. Buki jibi ne, kuma da na koma kasuwa jiya mai atamfar ya ce irinta ta ƙare.